Haya kake a Google Drive, ba gidanka ba ne

1/ Jiya a hostal wani ke cika baki wai duk abin da ya zuba a Google Drive ya tsira har abada. Malam, ba haka ba ne fa. Haya kake, kuma mai gida ya rubuta sharuɗɗansa, mu ne ba ma karantawa.

2/ Google na ba kowa 15 GB kyauta, amma Gmail da Drive da Photos duk a kwano ɗaya suke ci. A ce ka sayi 100 GB, ka zuba 60 GB, sai katinka ya ƙi biya. Ka koma 15 GB ke nan, da rarar 45 GB a kanka.

3/ Ba a goge komai ranar ba, shi ya sa mutane ke sakankancewa. Fayilolinka na nan, za ka iya buɗewa ka sauke. Amma ba ka ƙara sabo, hotunan wayarka sun daina hawa, imel kuma ba shiga ba fita. Wanda ya turo maka saƙo, komawa gare shi zai yi.

4/ Ka yi tunanin kana jiran amsar tallafin karatu, ko gyaran da malaminka zai turo na furojet. Kai kana cewa shiru, ashe ƙofarka ce a kulle.

5/ In ka shekara 2 a haka, suna da damar goge kayanka.

6/ Akwai kuma agogo na biyu. Tun Disamban 2023 Google na iya goge asusun mutum gaba ɗaya in ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Suna tura gargaɗi, gaskiya ne. Amma ina? Cikin wannan imel ɗin da ba a buɗewa, da imel na biyu in ka saka.

7/ Wannan ne ya tayar min da hankali. Babanmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, hotunanmu na yarinta duk suna asusunsa. Mamaci ba ya karanta gargaɗi. Da daren nan na ɗauko wayarsa na sauke komai.

8/ Za ku ce ai kamfani ne, ba sadaka yake ba. Na yarda. To mu daina kiran wurin ma'ajiya ta dindindin, tunda zamansa ya rataya a kan kati da kuma ranka.

9/ Ka shiga takeout.google.com ka sauke kwafin kayanka a kwamfuta ko filash. Ka kunna Inactive Account Manager, ka zaɓi wanda za a miƙa wa kayan in an daina jin ɗuriyarka.

10/ Tsohon asusun nan na sakandare kuwa, shiga ka karanta imel ɗaya, agogon zai koma farko. Yau fa, ba sai an gama jarrabawa ba.