Dandalin Fasaha: Me Ya Sa Lokacin Saƙonni Yake Canjawa Bayan Tafiya?

Ɗalibai, a ce yayanku ya tura saƙon WhatsApp daga Kano da ƙarfe 10:30 na dare ranar Litinin. Daga baya ya tafi karatu Madina, ya fitar da hirar ta hanyar Export chat. Da ya buɗe fayil ɗin, sai ya ga saƙon ya koma 12:30 na daren, har ranar ta zama Talata.

Ba wanda ya taɓa saƙon. Manhajar tana ajiye lokaci da agogon duniya, wato UTC, sannan ta nuna shi bisa agogon da wayar take kai ranar da aka fitar da hirar. Najeriya tana gaban UTC da awa 1, Saudiyya kuwa da awa 3. Tazarar awa 2 ke nan, sai a cire su a samu lokacin Kano.

A kula da Birtaniya, domin agogonta yana canjawa: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba daidai yake da namu, sauran watannin kuma yana bayanmu da awa 1.

Fayil ɗin ba ya faɗin agogon ƙasar da ya bi. Don haka kafin ku ƙaryata wani a kan lokacin da ya tura aikin makaranta, ku fara tambayar a wace ƙasa aka fitar da hirar.