Gargaɗi ba ya hana cin bashi, a sa manhaja ta riƙa toshewa

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin akantoci da shugabannin sassa: wai idan sashe ya zarce kasafinsa, manhajar kula da kuɗi ta yi gargaɗi kawai, kada ta toshe oda, don kada aiki ya tsaya. Ban yarda ba. Gargaɗi saƙo ne da ake dannawa a wuce, kuma wanda ke dannawar shi ne mai son sayayyar.

Mu ƙaddara wani asibiti a Kazaure ko Babura an ware masa naira miliyan 12 na man janareta a shekara. Zuwa watan Satumba an biya miliyan 7. Mai duba abin da aka biya kaɗai zai ce saura miliyan 5. Amma akwai odar miliyan 4 da aka riga aka miƙa wa dillalin mai, ya kawo ko yana hanya, ba a biya shi ba tukuna. Wannan kuɗi ya riga ya zama nasa. Abin da ya rage na gaskiya miliyan 1 ne. Idan aka buga sabuwar odar miliyan 2.5, an zarce da miliyan 1.5. Gargaɗi zai bar ta ta wuce, a watan Disamba kuma a tarar da dillali zaune a kan benci da takardarsa, bashin ya hau kasafin baɗi tun ba a fara shi ba.

A manhajar ERPNext zaɓi uku ne, `Stop`, `Warn` da `Ignore`, kuma ana saita su daban ga neman kaya, ga oda, da ga shigar da kuɗin da aka kashe. A kan oda ya kamata `Stop` ya zauna. Toshewa a ranar biya cin zalin ɗan kasuwa ne, tunda mai ya riga ya ƙone.

Masu cewa rashin lafiya ba ya jiran takarda suna da gaskiyarsu. Da damina zazzabin cizon sauro kan cika ɗakunan shan magani a Roni da Gwiwa, kashe kuɗin Agusta ba zai yi daidai da na Fabrairu ba. To, iyakar wata-wata a bar ta a gargaɗi, ta shekara a kulle. Idan buƙata ta taso, a ɗebo daga wani kason da sa hannun mai iko, da suna da kwanan wata.

Toshewa ma ana kewaye ta. Wani zai rubuta mai a ƙarƙashin kason gyaran gini, wani ya ba da oda da baki, takarda ta biyo baya. Mai binciken kuɗi ya riƙa haɗa ranar oda da ranar karɓar kaya. Duk inda kaya suka riga oda isowa, an tsallake kulle ne, a kira mai sashen ya yi bayani.