Ƙofar Da Aka Shiga, Ita Ce Ta Fita

A ƙaddara wani matashin malamin makaranta ne a Dandamisa ya shiga manhajar neman aure, ya yarda a riƙa cirar Naira 6,000 daga asusunsa kowane wata domin zama babban memba. Da Allah Ya haɗa shi da rabonsa, sai ya goge manhajar daga wayarsa. Bayan wata uku ya je cirar kuɗi a Makarfi, ya tarar Naira 18,000 sun yi ɓatan dabo. Ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Dalili kuwa shi ne, yarjejeniyar biyan ba a cikin wayar take ba, tana hannun wanda ya karɓi kuɗin. Masu karɓar nan uku ne: kantin Google Play, kantin Apple, ko kamfanin manhajar kansa idan a shafinsa aka sa lambar katin banki. Kamfanin Tinder ma ya bayyana cewa wanda ya biya ta kanti, ko ya rufe rajistarsa ɗungurungum, kuɗi ba zai daina fita ba sai ya soke a kantin.

Saboda haka, a fara neman rasiɗin farko a akwatin imel. Idan lambarsa ta fara da GPA, na Google ne: a buɗe Play Store, a taɓa hoton mai wayar, a shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, a zaɓi manhajar, a danna Cancel subscription. Idan kuwa takardar banki ta nuna apple.com/bill, sai a shiga Settings, a taɓa suna, a buɗe Subscriptions. In rasiɗin daga kamfanin ya fito, kantunan nan ba su da masaniya. Sai a koma shafinsa a soke.

Inda gizo ke saƙa shi ne, da yawanmu mai gyaran waya ne ya buɗe mana adireshin imel, daga baya muka ƙara wani. Wanda ya duba kanti ya ga wayam, kada ya yi murna tukuna, ya duba da ɗaya adireshin. Shaidar an soke ita ce ranar da za a sake biya ta koma ranar ƙarewa. Kwanakin da aka riga aka biya ba su salwanta, don haka babu amfanin jira sai jajibiri.

A ganinmu, laifin ba na malamin kaɗai ba ne. Kamfanin da ya sauƙaƙa shiga da taɓawa ɗaya, wajibi ne ya rubuta ɓaro-ɓaro wanda ke karɓar kuɗin da inda ake sokewa. Muna kira ga hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da ta tilasta haka. Kafin nan, mu soke tukuna, mu ga shaida, sannan mu goge. Allah Ya tsare mana guminmu, amin.