Tafintan da ke Mayar da "Wataƙila" ta Zama Alkawari

Akwai wata ɗabi'a tsakanin masu fassara wa 'yan kasuwa wasiƙun Faransanci da ta cancanci a yi tir da ita. Tafinta zai karanta saƙon imel mai layi goma, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, sun ce kaya na nan tafe." Yana ganin ya rage wa mai gida wahala. Gaskiyar magana ita ce ya zubar da sharuɗɗan da aka rubuta saƙon dominsu, kuma ranar da asara ta zo ba aljihunsa za ta taɓa ba.

A ɗauka wani ɗan kasuwa Badamagare ne mazaunin Sabha, yana sayar wa manoman Zighan da Samnu kayan gyaran injin ban ruwa. Ya yi odar kaya na Yuro 12,000 daga wani kamfani a Faransa, za a ɗoro su a jirgin ruwa daga Marseille zuwa Misrata, sannan mota ta gangaro da su kudu. Ranar Alhamis 20 ga Fabrairu saƙo ya shigo da wannan jimla: "La marchandise devrait être expédiée sous quinze jours ouvrés, sous réserve de réception de l'acompte." Tafinta ya ce, "Kaya za su iso nan da mako biyu, in sha Allahu." Alhaji ya lissafa 6 ga Maris, ya karɓi kuɗin manoma, ya sa musu rana.

Babu gaɓa ɗaya ta wannan fassarar da ta tsira. Kalmar "devrait" sigar aikatau ce da Bafaranshe ke amfani da ita idan yana so ya bar wa kansa ƙofar fita, ma'anarta "ana sa ran". Sanya "in sha Allahu" a gurbinta ba ya biyan bukata, domin Bahaushe na faɗin haka ko da a kan alkawarin da ya ɗaure, saboda haka mai sauraro ba ya jin shakka a cikinta. Kalmar "expédiée" kuma tana nufin an tura kaya daga wurin mai sayarwa, ba ta ce sun iso ba. Tafiyar teku da fiton kwastan a Misrata da hanyar mota duk suna gaba. "Jours ouvrés" ranakun aiki ne, Litinin zuwa Juma'a a lissafin Faransa, don haka goma sha biyar mako uku ne cur. Sai babban sharaɗin da aka haɗiye gaba ɗaya: ba za a motsa ba sai kuɗin farko sun shiga asusun kamfanin. Idan sun shiga ranar Litinin 3 ga Maris aka fara ƙirge daga nan, wa'adin zai cika 24 ga Maris, kuma wannan ranar fitar kaya ce kawai daga sito. Fassarar da ta dace ba ta fi ƙarfin kowa ba: "Suna sa ran tura kayan cikin ranakun aiki goma sha biyar, wato mako uku, amma sai in kuɗin farko sun shiga hannunsu."

Tafintocin da suka fara koyon Ingilishi suna da nasu ramin. Suna ganin "délai de livraison" sai su ce "jinkirin kawo kaya", saboda kalmar ta yi kama da wata ta Ingilishi. A Faransanci "délai" wa'adi ne, jinkiri kuwa "retard" ne. Ta haka ake tayar wa ɗan kasuwa hankali a kan saƙon da bai ƙunshi wani mugun labari ba.

Masu kare wannan ɗabi'a sukan ce Hausa ba ta da kalmomin ciniki irin na Turawa. Wannan uzurin malalaci ne. Harshen da fatake suka yi ƙarnoni suna ƙulla bashi da ajiya da shi tsakanin Kano da Ghat da Murzuk ba zai rasa yadda zai ce "sai idan" ko "in har" ba. Inda kalma ɗaya ba ta wadatar ba, sai a yi jimla. Misali mafi tsada shi ne "acompte" da "arrhes", waɗanda ake tattarawa a kira su duka kafin alƙalami. A dokar Faransa ba ɗaya ba ne. Sashe na 1590 na kundin dokokinsu na farar hula ya ce idan "arrhes" aka bayar, kowane ɓangare na iya fasawa: mai saye ya yi asarar abin da ya bayar, mai sayarwa kuma ya mayar da ninki biyu. Idan Alhaji ya tura kashi 30 cikin ɗari, wato Yuro 3,600, ya fasa, iyakar asararsa ke nan. Idan kamfanin ne ya fasa, zai biya shi 7,200. Amma "acompte" kason farko ne na cinikin da ya riga ya faɗa. Babu fasawa, kuma wanda ya janye ana iya bin sa diyya. Alhajin da ya gaji da jira ya ce, "A bar musu kafin alƙalamin, na haƙura," yana iya tarar da cewa haƙurinsa bai raba shi da su ba. Tafintan da bai faɗa masa wace kalma ce a takarda ba shi ne ya kai shi ya baro.

Haka nan maganar ranar biyan ragowar kuɗi. Dokar da Faransa ta kafa a 2008 ta ƙayyade wa'adin biya tsakanin kamfanoni: kwana 60 daga ranar takardar kuɗin kaya, ko "45 jours fin de mois". Wannan lafazi na biyu ya zama ruwan dare a takardunsu, kuma tafinta yakan ce "wata ɗaya da rabi" ya wuce. Alhali hanya biyu ake lissafa shi, duka kuma karɓaɓɓu ne. Idan takardar ta fita 20 ga Maris, ana iya ƙirga kwana 45 a sauka 4 ga Mayu, sannan a tafi ƙarshen watan, biya ya kama 31 ga Mayu. Ana kuma iya zuwa ƙarshen Maris tukuna, a ɗora kwana 45, biya ya kama 15 ga Mayu. Tazarar kwana 16 ce, kuma ga mutumin da zai nemi Yuro a kasuwar canji ya tura ta banki ba ƙaramin abu ba ne. Ba hurumin tafinta ba ne ya zaɓi ɗaya. Abin da ke kansa shi ne ya faɗi ranakun biyu, ya ba da shawarar a nemi kamfanin ya rubuta ranar da lambobi. A ƙasan takardar kuma galibi akwai ƙananan layuka game da tarar jinkirin biya da ƙarin Yuro 40 na kuɗin bin bashi. Wasu na tsallake su don sun san Alhaji ba ya son jin abin da ya yi kama da riba. Wannan ma dalili ne na a karanta masa su tun kafin ya amince.

Uzuri na ƙarshe shi ne kunya: yaro ba ya son ya zama bakin da mugun labari ya fito. Al'ada ce mai tushe, amma tafinta ba shi ya jinkirta kayan ba, kuma babu rashin ladabi a cikin cewa, "Ranka ya daɗe, ba su sa rana ba, cewa suka yi suna sa ran." Idan Alhaji ya ji haka tun 20 ga Fabrairu, zai gaggauta tura kuɗin farko kafin bankunan Libiya su rufe hutun Juma'a, zai nemi a rubuta masa ranar tashin jirgi da lambar takardar lodi, kuma ba zai karɓi sisin manomin Zighan a kan 6 ga Maris ba.