Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin ƙungiyar ci gaban unguwarmu, cikin Birnin Zazzau

Iyayenmu dattawa da Malam Sakatare, Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi ba albashi. Sai dai ina da ƙorafi, kuma na gaji da faɗinsa a ƙarshen zama, lokacin da kowa ke neman takalminsa.

Maganar kwalbatin layinmu ce, wanda ke cika ya hana mu fita wajen Ƙofar Doka duk damina. A zaman Janairu an amince a gyara shi, aka rubuta shi a lamba 4. A Fabrairu ya koma lamba 2, cikin batutuwan da suka taso daga zaman baya, lamba 4 kuwa ta zama gyaran famfon burtsatse. A Afrilu rahoto ya ce "an kammala lamba 4". Jama'a suka ce madalla, ma'aji ya nuna rasit. Rasit ɗin na famfo ne. Tun ranar kwalbati ya fice daga ajanda, ruwan Agusta ya shiga zaurenmu har ya jiƙa buhunan masara. Ban ce wani ya ci kuɗi ba. Lambar da ake sake farawa daga 1 a kowane zama ita ta jawo wannan.

Shawarata, kowane batu a ba shi lamba guda ranar da ya shigo, ta bi shi har a rufe shi. Shekara a gaba, jeri a baya: batu na 14 a 2025 ya zama 25/14. Ko ya kai baɗi, 25/14 ne sunansa, kuma ba a bai wa wani batu wannan lambar. In aikin ya rabu, a ce 25/14a sayen siminti, 25/14b sallamar magina. Idan ya sake tasowa, Sakatare ya rubuta lambar da ranar zaman da aka taɓo shi na ƙarshe, don mai bincike ya iya bin sawunsa baya.

Sannan a ware littafi ɗaya na ayyuka: lamba, wanda aka ɗora wa, wa'adi, halin da ake ciki. "Kwamiti zai duba" ba sunan kowa ba ne, a rubuta mutum. Kada a ja layi kan aiki sai an nuna zaman da ya rufe shi, ma'aji kuma ya sa lambar a jikin rasit.

Na san za a ce aiki ya yi wa Sakatare yawa. Gaskiya ne, a ba shi mataimaki cikin matasanmu. Ko za a yi, Allah masani, don na ga shawarwarin da suka fi wannan sun kwanta. Duk da haka ina roƙon a maido da kwalbati ajandar zama mai zuwa, da lambarsa.

Naku,
Wani ɗan ƙungiya