Matambayi ma yakan ɓata

Kowa ya san karin maganar nan da ke cewa matambayi ba ya ɓata. Amma da yawa daga cikinmu mun taɓa yin tambaya, aka ba mu amsa da fara'a, muka yi ta tafiya cikin rana, sai ga mu a wata unguwa daban. Ba lalle mugunta ce ta sa ba. Mutanenmu suna jin nauyin ce wa baƙo "ban sani ba", don haka wani sai ya kintata ya nuna maka hanya.

Mu ɗauka an tura mu Jami'ar Bayero a Kano, za mu rubuta jarrabawa ƙarfe 9 na safe, mota ta sauke mu a Kabuga. Jami'ar nan mazauni biyu gare ta. Tsohuwar tana nan kusa da Kabuga, sabuwar kuwa tana can kan titin Gwarzo, gaba da Rijiyar Zaki. Idan muka ce "ina jami'a?" kawai, duk wadda aka nuna mana ba a yi ƙarya ba, amma jarrabawa tana iya wuce mu. Haka abin yake a Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello take da Samaru da Kongo. Saboda haka tun kafin mu buɗe baki, mu duba takardarmu mu ga wacce aka rubuta.

Sai zaɓen wanda za mu tambaya. Mai sauri a titi wataƙila shi ma baƙo ne irinmu. Gara mai shago, ko mai shayi, ko mai faci, wanda kullum a wurin yake wuni. Sallama ce farko, kuma idan yana ciniki mu jira ya sallami mai saye.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba. Don Allah tambaya nake yi, ta ina zan bi in je sabuwar Jami'ar Bayero?"

Mu lura da yadda aka gina tambayar. Ba a ce "nan ce hanyar jami'a ko?" ba. Irin wannan tana ba mutum damar ya ce "e" ya rabu da mu. "Ta ina zan bi" kuwa sai ya yi bayani, a bayanin ne kuma ake gane wanda ya sani. Masanin hanya yakan ambaci abubuwa da sunansu: titi kaza, gidan mai, shataletale, masallaci. Wanda ya ɗaga hannu sama-sama ya ce "miƙe kawai, za ka gani", mu yi masa godiya mu nemi wani.

Akwai kalmar da muka fi jin tsoro, wato "nan kusa ne". Kusan mai babur ba kusan mai ƙafa ba ne. Mu tambaya a fili: "Baba, za a iya zuwa a ƙafa, ko sai na hau a-daidaita-sahu? Nawa ake biya?" Kuɗin mota ma ma'auni ne na nisa, kuma sanin sa yana hana a tsuga mana kuɗi don an ga baƙi ne.

Daga nan mu maimaita abin da muka ji: "Wato in bi titin Gwarzo, in wuce Rijiyar Zaki, sannan in fara duba ƙofar jami'a?" Idan mun juya wani abu, nan take zai gyara. A nan ne ma rikicin dama da hagu yake fitowa, domin wanda ke fuskantarmu damarsa ita ce hagunmu. Mu juya mu kalli inda yake kallo, mu nuna da hannu. Mu kuma roƙi alama ɗaya da za ta nuna mun zarce: "Me zan gani in san na wuce wurin?"

Ko bayanin ya gamsar da mu, mu ɗan matsa gaba, inda na farko ba zai ji ba don kada ya ga kamar mun ƙaryata shi, mu sake tambayar wani daga tushe. Kada mu faɗa masa abin da aka gaya mana, sai ya bi bayan maganar. Idan bakinsu ya zo ɗaya, mu kama hanya. Idan sun saɓa, direban a-daidaita-sahu da ke bin layin ko ɗan sandan da ke ba da hannu zai raba gardama.

Wani zai ce "zo in raka ka, akwai yanke ta lungu". Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ba mu san shi ba, kuma wannan ya shafi maza da mata. "Na gode, Malam, kwatancen ma ya isa, Allah ya saka da alheri." Mu tsaya kan babban titi inda jama'a suke, waya kuma tana cikin aljihu.