«Za a kai kaya»: wa zai kai?

Ɗan kasuwar Galmi da ke sayar da albasa zuwa Kano yakan sa hannu a yarjejeniyar da aka rubuta da Ingilishi, alhali fassarar Hausa kaɗai ya ji. A ganina, aikin mai fassara a nan guda ne: kada nauyi ya sauka daga wuyan wanda takarda ta ɗora wa.

Mu ɗauki misali. Takarda ta ce mai sayarwa *shall* ya kai buhu 200 cikin kwana 10. A makaranta an koya mana cewa *shall* lokaci mai zuwa ne, don haka hannu kan garzaya zuwa «zai kai». Amma «zai kai» labari ne na abin da ake sa ran faruwarsa, ba ya ɗaure kowa. Mafi muni shi ne «za a kai kaya», inda wakilin suna «a» ya haɗiye mai aikin gaba ɗaya. Ranar da mota ta kwana a hanya albasa ta ruɓe, kowane ɓangare zai ce ɗayan ake nufi. Daidai shi ne: «wajibi ne mai sayarwa ya kai buhu 200». Idan asalin ma bai ambaci mai aikin ba, a tambayi wanda ya tsara takardar. Ba hurumin mai fassara ba ne ya zaɓi wanda zai ɗauki asara.

*May* kuwa zaɓi ne. Idan mai saye *may* ya duba kaya kafin biya, a ce «yana da damar dubawa in ya so». A guji «sai ya duba», domin rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Da gajeren «ya», jimlar shawara ce ko matakin da ke biye. Da dogo, tilas ce. Mai karatu zai iya mayar da haƙƙin mai saye ya zama bashi a kansa. Korewarta, *may not*, hani ne: «an hana shi», ba «ba zai iya ba», wanda ke iya nufin gazawa.

*Must* sau da yawa sharaɗi take kafawa. Idan sanarwar fasa ciniki *must* ta kasance a rubuce, babu wanda aka tilasta wa fasawa. Ma'anar ita ce «sanarwa ba ta inganta sai a rubuce».

Wasu za su ce maimaita «wajibi ne» na sa Hausa ta yi nauyi. Gaskiya ne, amma sauya kalma don daɗin ji na sa a zaci nauyin ya bambanta. Kafin ka miƙa fassara, tambayi kowace jimla: in ba a yi ba, wa za a kai ƙara? Idan amsar Hausa ta saɓa wa ta asali, koma ka gyara.